Lambar RC ta gaskiya ce, amma ta waye?

Hadiza: Jama'a, barkanmu da war haka daga Kaduna. Malam Sani, wata mai gonar kaji a Mando ce ta turo tambaya. Wani sabon dila zai riƙa kawo mata masara, yana neman rabin kuɗi tun kafin kaya su iso. Ya turo hoton takardar rajistar kamfaninsa ta WhatsApp. Ta sa hannu a yarjejeniyar cinikin?

Malam Sani: Ta dakata tukuna. Hoto ba hujja ba ne, Malama Hadiza, duk mai kwamfuta zai iya sauya suna a kai. Ta duba lambar da ke jikin takardar. In kamfani ne, lambar RC ake kiranta. In sunan kasuwanci ne kawai, lambar BN ake kiranta. Sai ta shiga cac.gov.ng, shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta nemi Public Search, ta rubuta sunan kamfanin ko lambar. Kyauta ne.

Hadiza: To in ya fito, shi ke nan?

Malam Sani: A'a, a nan ne ma ake cutar mutane, kuma abin yana ƙona mini rai. Macuci ba ya ƙirƙirar lamba, ta wani kamfani na gaskiya yake ɗauka. Saboda haka ta ajiye takardar kusa da wayarta, ta bi sunan harafi bayan harafi, ta duba ranar rajista. A ce takarda ta nuna 2015, shafin hukuma kuma ya nuna 2022, ai magana ta ƙare. Haka in lambar BN ce amma sunan ya ƙare da Limited, don kamfani mai RC ne ke ɗaukar Limited.

Hadiza: Ni na taɓa ganin an rubuta INACTIVE a gefen sunan wani kamfani. Na bogi ke nan?

Malam Sani: Ba lallai ba. Yawanci bai miƙa wa hukuma bayanansa na shekara-shekara ba ne. Amma ta tambaye shi dalili, kuma kada ta ba da kafin alƙalami sai ya gyara.

Hadiza: To idan komai ya yi daidai, amma mutumin ba shi da alaƙa da kamfanin fa?

Malam Sani: Yawwa! Ta ce ya kawo Status Report, takardar da hukumar ke bayarwa mai ɗauke da sunayen daraktoci da adireshi. Wanda zai sa hannu, sunansa na ciki? In babu, ya kawo wasiƙar izini daga daraktocin, ta kuma kira ɗayansu ta ji daga bakinsa. In adireshin ya ce Kakuri, ta tura ɗan'uwanta ya ga rumbun da idonsa.

Hadiza: Asusun banki fa, Malam?

Malam Sani: Sunan asusun ya zama sunan da ke kan takardar, ba ƙari ba ragi. In ya ce ta tura ta asusun ƙaninsa don na kamfani ya samu matsala, kada ta tura ko sisi.