Wane Layin Sauti Za a Bari a Fayil ɗin mkv?

Bari mu ɗauki misalin fayil ɗin wani fim na Indiya mai tsawon awa 2, wanda muka buɗe a cikin manhajar MKVToolNix. Fayil ɗin mkv mazubi ne da ke ɗauke da hoto, da layukan sauti, da rubutun fassara, kowanne a keɓe, shi ya sa ake iya cire wani layi ba tare da an taɓa ingancin sauran ba. Layi na 0 shi ne hoto. Na 1 Indiyanci ne a tsarin DTS mai tashoshi 6, na 2 ma Indiyanci ne amma a tsarin AAC mai tashoshi 2, na 3 Turanci ne a tsarin AC-3, shi kuwa na 4 an yi masa alamar und, ma'ana ba a bayyana harshensa ba.

Kafin a cire komai, sai a saurari kowane layi, domin alamar harshe mutum ne ya rubuta ta, kuma sau da yawa ana yin kuskure ko a bar wurin babu komai. A buɗe fim ɗin a VLC, a matsa zuwa wurin da jarumai ke magana, sannan a riƙa danna harafin b domin sauyawa daga wannan layi zuwa wancan. A farkon fim galibi kiɗa ne kawai, don haka saurare a nan ba zai nuna komai ba. Da muka yi hakan, sai muka gano cewa layi na 4 shi ne fassarar Hausa, wanda da mun bi alama kawai da shi za mu fara jefarwa. A wasu fayilolin ma za a tarar da layin da aka yi wa alamar eng, alhali sharhin darakta ne a kan fim ɗin.

Sauran aikin yana tsakanin layukan Indiyanci guda biyu, kuma na'urar da za a yi kallo da ita ce za ta raba gardama. Layin DTS mai gudun kilobit 1509 a daƙiƙa yana cin kusan gigabait 1.4 a awa 2, yayin da layin AAC mai kilobit 128 ba ya wuce megabait 115. An tsara DTS ɗin ne domin ɗakin da aka kewaye da sifikoki 6, kuma akwai talabijin da dama da ba sa iya karanta shi, inda za a ga hoto yana tafiya amma shiru kake ji. Wanda zai kalla a waya, ko ya sa filas a talabijin, AAC ne ya dace da shi. A ganina, in ba mutum yana da waɗannan sifikoki ba, riƙe DTS asarar wuri ce kawai. Layin Turanci mai kilobit 640 shi ma ya kai megabait 576, kuma tunda babu mai saurarensa, za mu cire shi.

Ga umarnin mkvmerge, wanda ke zuwa tare da MKVToolNix, da zai bar layi na 2 da na 4:

```
mkvmerge -o sabo.mkv -a 2,4 --language 4:hau --default-track-flag 4:yes --default-track-flag 2:no fim.mkv
```

Umarnin ya gyara alamar layi na 4 zuwa hau, ya kuma mayar da shi layin da na'ura za ta fara kunnawa. Wannan gyara ya zama dole, domin a da layin DTS ne ke riƙe da wannan matsayi, kuma idan aka cire shi aka bar wurin haka, kowace na'ura za ta zaɓi wanda ta ga dama. Rubutun fassara kuwa ba mu taɓa shi ba, saboda duk wanda ya koma layin Indiyanci zai buƙace shi.

Masu amfani da ffmpeg su lura cewa idan ba a sa -map ba, layin sauti ɗaya kawai yake ɗauka, kuma yakan fifita wanda ya fi yawan tashoshi, wato a nan DTS ɗin da muke gudu. Ƙirgarsa ma daban take: idan aka rubuta 0:a, yana ƙirga layukan sauti ne su kaɗai daga 0, saboda haka layinmu na 2 ya zama 0:a:1, na 4 kuma 0:a:3.

```
ffmpeg -i fim.mkv -map 0:v -map 0:a:1 -map 0:a:3 -map 0:s -c copy -metadata:s:a:1 language=hau -disposition:a:0 0 -disposition:a:1 default sabo.mkv
```

Sabon fayil ɗin zai ragu da kusan gigabait 2. A gwada shi a kan ainihin talabijin ko wayar da za a yi kallo da ita, a saurari layukan biyu a tsakiyar fim da kuma kusa da ƙarshensa domin a tabbatar magana tana tafiya daidai da motsin baki, sannan a goge tsohon.