IMAP da POP: me yasa saƙon da ka gani a waya jiya ya ɓace yau

Assalamu alaikum. To na baya kuna jina ko? Yauwa. Zan fara da tambaya ɗaya, idan aka turo maka imel a ina yake zaune? Wasu zasu ce a wayata, wasu suce a laftof. To ba a can ya fara sauka ba. Wata kwamfuta ce ta kamfanin da ya baka adireshin take karɓa ta ajiye maka, ita muke cewa saba, tana kunne dare da rana ko wayarka na kashe ko ba caji. Wayarka da laftof ɗinka zuwa suke su tambaye ta ko akwai wani abu, kuma yaren da suke tambayar da shi iri biyu ne, POP da IMAP.

Bari na baku labarin da yasa na zaɓi wannan maganar. Wata hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi, tana da imel na kasuwancinta wanda aka buɗe mata tare da shafinta na intanet, ta zo ta same ni ranta a ɓace tace malam an shiga imel ɗina. Nace me kika gani? Tace rasit ɗin da dilanta ya turo mata watan jiya ta karanta shi a waya da idonta, yanzu ta nema babu, kuma ba shi kaɗai ba duk wani saƙo da ya kwana biyu sai ya ɓace daga wayar, ta canza kalmar sirri har sau uku abin bai daina ba. Na karɓi wayar na gangara can ƙasan akwatin, saƙo mafi tsufa na sati biyu da suka wuce ne cif. Nan take na daina zargin ɓarawo, don ɓarawo baya share saƙo da kalanda a hannu. Nace hajiya akwai wata na'ura da kike buɗe imel ɗin nan da ita? Tace akwai laftof a shago, yaronta ne ya haɗa mata.

Muka buɗe laftof, ga rasit ɗin nan, ga saƙonnin shekara biyu duk suna nan ba wanda ya taɓa su. Laftof ɗin an haɗa shi da POP, wayar kuma IMAP.

To shi POP, haruffa biyun farko ma gidan waya suke nufi, kuma aikinsa kenan. Manya a cikinku sun san akwatin gidan waya, kana da makulli kaje ka buɗe ka kwashe wasiƙunka ka tafi gida dasu, akwatin ya koma fanko. POP na farko ya fito a 1984, wanda muke amfani dashi yanzu POP3 ne, ƙa'idarsa da ake bi har yau ta 1996 ce. Ku tuna lokacin, intanet ta layin tarho ake shiga, kowane minti kuɗi ne, wurin ajiya a saba kaɗan ne, kuma mutum kwamfuta ɗaya gare shi. Saboda haka dabarar ita ce ka shiga da sauri ka kwashe ka fita ka karanta a nutse. A zamaninsa tunani ne mai kyau wallahi, ban yarda da masu zaginsa ba.

Ga hirar da laftof ɗin yake yi da saba, na rubuta a allo:

```
LIST
RETR 1
DELE 1
QUIT
```

Na farko yace jero min abin da ke akwai, na biyu bani saƙo na ɗaya, na uku share shi, na huɗu na tafi. Kusan iyakar abin da POP ya iya kenan. Bai san folda ba, akwatin shigowa kawai yake gani. Bai da hanyar da zai gaya wa saba cewa an karanta wannan ko an bada amsar wancan. Duk wannan bayanin a cikin laftof yake tsayawa.

Da mutane suka fara samun na'ura biyu sai manhajoji suka ƙaro wani zaɓi, wai ka bar kwafi a saba kada a share nan take. A Outlook zaka ganshi da sunan `Leave a copy of messages on the server`, a Thunderbird kuma `Leave messages on server`, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan layi na kwana nawa za'a bari kafin a share, yawanci 14 zaka tarar a wurin. Sati biyun hajiya kenan. Laftof ya sauke saƙo yau ya bar kwafi, waya ta gani, bayan kwana 14 idan ya sake shiga sai ya tura `DELE`, saba ta share, ita kuma waya tunda abin da ke saba take nunawa sai saƙon ya ɓace mata. Ba wanda ya lalace a cikinsu, kowa abin da aka ce masa yayi.

Shi kuwa IMAP wani Mark Crispin ne ya ƙirƙiro shi a jami'ar Stanford a 1986, kun ga ba wai sabon abu bane, shekara biyu ce tsakaninsu. Tunaninsa ne daban. Ku ɗauka littafin bashi ne na shago, littafin baya barin shago, maigida yazo ya duba yaro yazo ya duba, wanda ya soke sunan wani to kowa zai ga an soke. A IMAP saƙo yana zaune a saba da foldojinsa, kuma kowane saƙo yana da alamomi a jikinsa, `\Seen` idan an karanta, `\Answered` idan an amsa, `\Deleted` idan an yi masa alamar sharewa. Ka buɗe saƙo a waya kana cikin adaidaita, wayar ta gaya wa saba ta saka `\Seen`, ka isa ofis ka buɗe laftof ka tarar dashi a karance. Da POP ne da zaka tarar dashi baƙi ƙirin kamar baka taɓa gani ba, ka sake bin saƙo 40 ɗaya bayan ɗaya kana tunanin wanne na amsa.

Akwai wani wuri da mutane suka fi shan wahala kuma basa lura sai ranar rigima, wato saƙon da kai ka tura. Turawa ba aikin POP bane ba na IMAP ba, wani ne daban ana ce masa SMTP. Amma bayan an tura, ina kwafinka zai zauna? Idan IMAP ne manhajar zata ɗora shi a foldar `Sent` dake saba, duk na'urorinka su gani. Idan POP ne a laftof zai tsaya. Hajiyar nan akwai ranar da wani kwastoma yace ba farashin da ta faɗa masa kenan ba, tana kasuwa da waya a hannu, amsar da ta tura masa tana can shago cikin laftof a rufe. Gmail shi yana ajiye duk abin da ka tura ta sabarsa da kansa, shi yasa masu Gmail basu cika ganin wannan ba, amma imel na kamfani ko na makaranta ba lallai bane.

Na ga hannu a can. Eh ɗan'uwa, kace yaya mutum zai gane wanne yake kai? Tambaya mai kyau. Shiga saitin akawun ɗin ka nemi sabar shigowa, ka duba lambar `Port`. Idan 995 ko 110 ka gani POP ne, idan 993 ko 143 ne IMAP ne. 995 da 993 sune masu kulle tun daga farko, su zaka zaɓa. Idan baka son shiga saiti ma ga gwaji, ka ƙirƙiri sabuwar folda a laftof ka jira minti biyu ka duba waya, in ta fito IMAP kake.

Yanzu gyaran da muka yiwa hajiya, ku saurara da kyau don a nan ake asara. Kuskuren da yara masu haɗa kwamfuta suke yi shine su goge akawun ɗin POP su saka IMAP, to ku tuna saƙonnin shekara biyun nan babu su a saba, a laftof kaɗai suke a duniya. Kuma canza 995 zuwa 993 kawai baya mayar da akawun IMAP, sai dai ya daina aiki. Abin da muka fara yi shine kwafe fayil ɗin saƙonnin zuwa filash, a Outlook fayil ne mai ƙarewa da `.pst`. Sannan muka cire alamar sharewa bayan kwana 14 ɗin nan. Sannan muka ƙara akawun ɗin a matsayin IMAP a gefen tsohon, biyun suna nan tare, muka riƙa jan saƙonni daga tsohon muna zubawa a sabon kaɗan kaɗan, kamar 200 a lokaci guda, saboda lodawa ake sama kuma netwok ɗin shagon kun san hali, in ya yanke a tsakiya kana so ka san inda ka tsaya. Da muka gama muka buɗe imel ɗin ta burauza muka ƙirga, sai da lissafi ya dace sannan muka kashe na POP.

Kafin mu fara ma sai da na duba wurin da aka bata a saba, giga 2 ne, saƙonninta kuma sun ɗan haura giga 1 saboda hotunan kaya, to ya shiga amma ba da yalwa ba. Wannan shine tsadar IMAP, komai yana taruwa a saba, ranar da ta cika sabon saƙo ba zai shigo ba, sai ya koma wa mai turowa kai baka ma sani ba. Mai Gmail yana da giga 15 kyauta, shi ma tare da hotuna da Drive ake lissafa masa.

Ɗaya abin kuma, don Allah kar wani ya fita daga nan yana cewa tunda ina IMAP saƙona na ajiye a wuri uku. Wuri ɗaya ne, sauran madubi ne. Ɗanka ya ɗauki waya yana wasa ya share folda, laftof yana haɗuwa da intanet shi ma zai share tasa. In haka ta faru kuma laftof na kashe, kar ka bari ya hau intanet, kashe wayfay tukuna ka buɗe ka kwafe abin da ya riga ya sauke. Ni shi yasa har yanzu ina da wata tsohuwar kwamfuta a gida da na bari akan POP da gangan, nace ta bar kwafi a saba kar ta share komai har abada, duk ƙarshen wata na kunna ta ta kwashe ta ajiye, na san dai akwatin shigowa kaɗai take ɗauka banda wanda na tura.

Malama kina tambayar data ko? A waya IMAP yafi sauƙi, don yana iya ɗauko sunan mai turowa da kan saƙon kawai ya bar hoto mai mega 10 a saba sai kin taɓa shi, POP kuwa yawanci gaba ɗaya yake saukewa. Amma ki sani abin da wayar bata sauke ba, in kika shiga ƙauye ba sabis ba zai buɗu ba, saboda haka tikiti ko rasit da zaki buƙata a hanya ki buɗe shi tun kina gida.

To an kira sallah, mu tashi. In mun dawo masu laftof ku kawo mu duba lambar kowa, amma kar wanda ya goge komai kafin na iso wurinsa.