Kafin Ka Tura Saƙon Neman Taimakon Mara Lafiya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai saƙon da kusan kowa ya taɓa gani a wayarsa: hoton mara lafiya kwance a gadon asibiti, lambar asusu a ƙasa, sai roƙon a taimaka don Allah, a kuma tura gaba. Yawancinmu mukan rubuta "Allah ya ba shi lafiya", mu danna turawa, mu wuce. Addu'a abu ne mai kyau, ba mai musu. Sai dai saƙon da ka tura haka kawai, ba ka ɗora masa kalma ko ɗaya taka ba, ba kasafai yake sa wani ya buɗe asusunsa ba. Wanda ya karɓa bai san mara lafiyar ba, kai ya sani. Idan zai ba da kuɗi, saboda maganarka zai bayar. Shi ya sa yau za mu duba abin da ya kamata ka tabbatar kafin ka sa bakinka, da yadda za ka rubuta 'yan kalmomin da za su raka saƙon.

Bari mu ɗauki mai ciwon ƙoda, domin irin roƙonsa yana yawan yawo, kuma mutane sukan kasa fahimtarsa. Idan ƙoda ta daina aiki, ana yi wa mutum wankin ƙoda, wato na'ura ce take tace masa jini. Likitoci sukan so a yi sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, ko da yake rashin kuɗi yakan sa da yawa su tsaya a kan sau biyu, ko ma ƙasa da haka. Wankin ba ya warkar da ƙodar da ta riga ta mutu, riƙe rai kawai yake yi. Ko an yi dashe, irin wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi tun 2002, aiki bai ƙare ba, domin mutum zai ci gaba da shan maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar iya tsawon zamanta a jikinsa. To ka ga idan iyalin nan suka dawo neman taimako bayan wata guda, ba wai sun cinye kuɗin farko ba ne. Amma wanda bai san haka ba zai ce, "Ba waɗannan aka tara wa kuɗi kwanaki ba?" Jumla ɗaya daga gare ka tana iya kawar da wannan zargin.

Yanzu kafin ka rubuta komai, ka tabbatar. Buɗe manhajar bankinka, ka sa lambar asusun, lambobi goma ne. Tun kafin ka tura ko kwabo, sunan mai asusun zai fito. Ka gwada shi da sunan da ke cikin saƙon. Idan sun yi daidai, madalla. Idan sun bambanta, kada ka yi saurin cewa damfara ce, domin sau da yawa asusun ɗa ne, ko miji, ko ma'ajin wata ƙungiya. Amma ya kamata a ce an faɗi hakan a cikin saƙon. In ba a faɗa ba, kira lambar wayar da aka bayar ka tambaya: wane ne mai asusun, kuma mene ne haɗinsa da mara lafiyar?

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, damfarar da ta fi wahalar ganewa ba ta ƙirƙiro mara lafiya. Mara lafiyar na gaske ne, hoton na gaske ne, asibitin ma haka. Lambar asusun kawai wani ya goge ya sa tasa, ya sake sakin saƙon. Jama'a suna ta turawa da zuciya ɗaya, iyalin suna can bakin ɗakin wanki ba su ga ko sisi ba. Don haka ko da ka san labarin gaskiya ne, lambar da ke hannunka ita ce abin dubawa.

Sai kwanan wata. Saƙon da ba shi da kwanan wata yana iya shekara yana yawo. Idan ka ga WhatsApp ya rubuta Forwarded many times a samansa, to ya bi ta hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, kuma ba lallai wanda ya turo maka ya san asalinsa ba. Tambayi mai jinya: yau wane hali ake ciki, a wane asibiti, a wane ɗaki? Mai jinya na gaske ba ya ƙin a zo dubiya, murna ma yake yi. Wanda kuwa ya hau kwana-kwana da zarar ka ce za ka aiko ƙaninka ya duba, ya riga ya ba ka amsa. Idan kuma wanda zai ba da kuɗin mai taka-tsantsan ne, a asibitocin gwamnatin tarayya da yawa ana biya ne ta tsarin biyan kuɗi na Remita, sai mai jinya ya ciro lambar biya da ake kira RRR, a biya kai tsaye, kuɗin bai bi ta hannun kowa ba.

To, ka tabbatar. Me za ka rubuta?

Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne, domin farashi ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti. A ce maƙwabcinku ne, ana masa wanki sau uku a mako, kowane zama naira 50,000. Mako huɗu zama 12 ke nan, naira 600,000. An tara 220,000, saura 380,000. Idan ka tura wa mutum "ana neman dubu ɗari shida", wanda yake da dubu biyu a aljihu zai ji kunya, ya ce tasa ba za ta yi komai ba, ya yi shiru. Amma raba 380,000 gida dubu biyu-biyu, mutum 190 ne. Guruf biyu ko uku na unguwa da na 'yan makaranta sun kai haka. Saboda haka sai ka rubuta kamar haka:

"Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan bawan Allah maƙwabcinmu ne, na je na gan shi da idona jiya Talata. Ana masa wankin ƙoda sau uku a mako. Kuɗin wannan watan saura 380,000, wanki na gaba kuma ranar Alhamis ne. Asusun na babban ɗansa ne, na gwada, sunan ya fito daidai. Ko dubu biyu ce a daure. Wanda bai samu ba ya taimaka ya tura wa mutum biyu da ya san za su iya. Allah ya saka da alheri."

Ka lura, babu kuka a ciki, babu dogon wa'azi. Ka faɗi yadda ka san shi, ka faɗi abin da ya rage da ranar da ake buƙata, ka sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Amma a kula: iya abin da ka sani za ka faɗa. Idan ba ka je ka gani ba, kada ka ce ka gani. Ce "yayata ce ke jinya a gado na kusa da nasa", ko "na yi waya da ɗansa". Saboda shaidarka ake ba da kuɗi a nan, kuma ranar da ta karye, ba wanda zai sake buɗe saƙonka, har na mabuƙaci na gaskiya da zai zo daga baya.

Maganar a tura gaba kuma, a nan ne mutane suka fi ɓata abin. Za ka ga an rubuta "idan kana da imani ka tura", ko "kada ka wuce ba ka tura ba in dai kai Musulmi ne". Ni a ganina wannan ba roƙo ba ne, tsoratarwa ce, kuma mutane sun gaji da ita, da sun gani suke gogewa. Abin da ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito shi ne, wanda ya yi nuni zuwa ga alheri yana da lada kwatankwacin na wanda ya aikata. Kwaɗaitarwa ce, ba a ce a ɗaura wa mutane laifi a wuya ba. Haka nan kada ka kira sunan wani mai hali a gaban jama'a ka ce "Alhaji, muna jiran naka". In kana ganin zai iya, bi shi ta gefe, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga wata lalura, ko Allah zai sa a dace."

Wannan bin ta gefen ma ya fi watsawa barkatai amfani. Dama WhatsApp ba ya barin ka tura saƙo fiye da wuri biyar a lokaci guda, wanda kuma aka yi wa tambarin yawan turawa, wuri ɗaya kacal. To ka zaɓi biyar ɗin da kyau: wanda ya san unguwar, wanda ya taɓa jinyar mai ƙoda, ɗan uwan da ke aiki a waje. Wanda karatu ke yi wa wuya, yi masa saƙon murya, ka tura lambar asusun daban a rubuce don kada a ji ta ba daidai ba. Idan a sitatus ka ɗora, ka tuna bayan awa 24 zai ɓace, sai ka sake ɗorawa da sabon lissafi, musamman ranar Juma'a ko ƙarshen wata lokacin da albashi ya shiga.

Su ma masu jinyar suna karanta abin da ake rubutawa, wannan mukan manta. Wanda ya kwana a kan tabarma a barandar asibiti ba ya buƙatar ka ba shi labarin wane da ya yi irin ciwon ya rasu. Ba ya buƙatar ka haɗa shi da mai maganin gargajiya ka ce a daina wanki, domin tsallake wanki yana tara ruwa da guba a jiki, yana iya kashewa cikin kwanaki. Ce masa, "Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada, mun tura kuma muna bibiya." Hoto kuwa, idan an ɗauki mutum jiki a buɗe ko cikin halin da shi kansa ba zai so a gan shi ba, musamman mace, nemi izinin iyali, ko ka tura da takardar asibiti bayan an rufe lambar katinsa da adireshinsa.

Abu na ƙarshe, wanda kusan ba mai yi: komawa. Duk inda ka tura saƙon, ka koma bayan kwana biyu ko uku ka ce, "An samu 150,000, an yi wankin Alhamis, saura 230,000." Wanda ya yi niyya ya manta, a nan yake tunawa. Idan kuɗi sun cika, ka sanar an rufe, a daina turawa. Idan kuma Allah ya yi wa mara lafiyar rasuwa, ka sanar a ranar, ka goge tsohon saƙon mai lambar asusu, ka roƙi waɗanda ka tura wa su ma su sanar da nasu mutanen. In akwai bashin asibiti da ya rage, iyali su fitar da sabuwar sanarwa mai sabon kwanan wata da adadin bashin, sai a tura wannan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.