Amsoshin Tambayoyinku: Umarnin da ke zuwa a sigar tambaya

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Birtaniya. Shugabata ta ce min, ko zan so in leƙa majinyacin ɗaki na huɗu idan na samu sarari. Na ƙarasa abin da ke gabana sannan na je, sai na tarar ta fusata, wai ta sa ni aiki na ƙi yi. Kuma ni da nake gaishe da kowa, an ce ina yi wa mutane magana gatsal. Ina matsalar take?" Daga Hajara, 'yar Katsina mazauniyar Manchester.

Wa alaikumus salam, Malama Hajara, sannu da aiki, sannu da haƙuri. Abu biyun nan da kika kawo tushensu ɗaya. Kowace al'umma tana da wurin da take ajiye ladabinta a cikin zance, kuma mai sauraro yakan neme shi ne a inda ya saba samunsa. In bai gan shi a wurin ba, sai ya yanke hukuncin cewa babu shi.

Mu Hausawa mukan zuba namu tun kafin buƙatar ta fito. A yi sallama, a tambayi gajiya da iyali, a kira mutum Malam ko Hajiya ko Yaya, a rusuna, a ce don Allah. Bayan wannan shimfiɗa, ko an ce "miƙo min takardar nan" babu wanda zai ji zafi. In kuma da babba ake magana, sai a kauce wa nuna shi kai tsaye, a ce "a taimaka a duba mana". Baturen Ingila gaisuwarsa gajeriya ce, wani lokacin ma ɗaga kai ne kawai. Nasa ladabin yana cikin jimlar roƙon kanta: ya mai da ita tambaya, ya sa mata "ko za ki iya", "ko ba za ki damu ba", ya yi kamar ya bar miki zaɓi. To ke kin yi gaisuwarki tun da safe kin ɗauka kin biya, su kuwa a kowace buƙata suke jiran a sake biya. Daga nan "gatsal" ɗin ya fito.

Akwai wani bincike da nake son ki ji, domin ya nuna yadda ɗan ƙaramin abu ke haddasa wannan. Masanin harshe John Gumperz, na Jami'ar California da ke Berkeley, ya ba da labarinsa a littafin da ya fitar a 1982. A kantin abincin ma'aikata na wani babban filin jirgin sama a Birtaniya, an ɗauki wasu mata 'yan asalin Indiya da Pakistan aikin zuba abinci. Ba a jima ba masu lodin kaya da ke cin abinci a wurin, har da shugabannin matan, suka fara ƙorafin cewa matan nan ba su da fara'a, ba su da haɗin kai. Su kuma matan suka ga tsangwama ce kawai ake yi musu.

Da aka naɗi muryoyinsu, sai aka gano rigimar a kan kalma ɗaya take. In mutum ya zaɓi nama, ana tambayarsa ko a zuba masa romo. Baturiya takan ɗaga murya a ƙarshe. Ku saurara: "Romo?" Su kuwa waɗannan matan sukan sauke muryar: "Romo." A wurinsu haka ake tayi, babu wani rashin kunya a ciki. A kunnen Baturen kuwa ba tayi ya ji ba, ya ji kamar an ce masa ga romo nan, ka ɗauka ko ka bari. Da aka kunna musu faifan tare, da farko matan ba su ma ji bambancin ba, sai da aka yi ta nuna musu. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, sun daɗe suna jin cewa ba a fahimtarsu, amma ba su da abin da za su nuna su ce ga shi. Kuskuren nahawu ana jinsa, a ce baƙo ne bai iya ba, a yi masa uzuri. Irin wannan kuwa ba a jinsa a matsayin kuskure, halin mutum ake ɗora wa laifi.

Mu dawo kan shugabarki. Ta yaya za ki gane umarnin da aka lulluɓe? Masana biyu, Penelope Brown da Stephen Levinson, waɗanda suka kwatanta Ingilishi da Tamil na kudancin Indiya da Tzeltal na ƙasar Meziko, sun ce abu uku ke sa mai roƙo ya ƙara zagaye ko ya rage: nisan da ke tsakaninsa da wanda yake roƙo, wane ne sama da wani, da kuma nauyin abin da ake nema. Auna maganarta da su. Tana sama da ke, abin da ta nema yana cikin aikinki, kuma ta ambaci ɗaki takamaimai. Idan waɗannan suka haɗu, taushin lafazin girmama ki ne kawai ta yi, ba zaɓi ta ba ki ba. "Idan kin samu sarari" daga abokiyar aiki da ke neman ki canza mata ranar hutu, wannan kam da gaske zaɓi ne.

Kuma kada ki ɗauka su kaɗai ke da wannan. Baƙon da ya zo ya ce gaisuwa ce kawai ta kawo shi, sai an raka shi ƙofar gida ya ce "af, dama akwai 'yar magana", mun san ita ce ta kawo shi. Wanda ya ce "bari in yi shawara" sau da yawa ya riga ya ƙi. Bature zai koma ya zauna yana jiran sakamakon shawarar.

A aiki irin naki ina da ra'ayi mai ƙarfi: inda rai yake, a ajiye kara. Ranar 25 ga Janairu 1990, jirgin kamfanin Avianca da ya taso daga Kolambiya ya faɗi kusa da New York bayan mansa ya ƙare, mutum 73 suka rasu. Dalilan suna da yawa, amma ɗaya daga ciki shi ne matuƙan sun ce mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, ba su furta kalmar ta-ɓaci da masu kula da zirga-zirgar jirage ke jiran ji ba.

Saboda haka gobe in ta sake cewa ko za ki so, ki mayar mata da lokaci a ciki: "Yanzu kike so, ko bayan na gama raba magani?" Babu wanda zai ji haushin wannan tambaya. In ke ce mai buƙata, ki sa ta a sigar tambaya ko da kun gaisa sau goma a ranar. In kuma majinyaci ne ya rikice, ki kira likita da sunansa, ki faɗi ɗakin, ki faɗi abin da kika gani, ki ce yanzu kike buƙatarsa.