Yadda Ake Yanke Kuɗin Kayan da Aka Buga da Firinta 3D

An rubuto wannan lacca ne daga faifan wani zama da aka yi da matasa masu koyon sana'ar a Jos.

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu na ce zan kawo: zare, lokaci, wuta, sai riba. In lokaci ya ƙure mana, ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Zare dai ba shi da wahala, bari mu sallame shi da wuri. Filamen ɗin, wato zaren robar da firinta ke narkarwa, wanda yawancinmu ke aiki da shi PLA ne, mai kaurin milimita 1.75, kuma naɗi ɗaya kilo ɗaya ne. Mita ɗaya na wannan zare ya kusa giram 3, saboda haka naɗi guda zai ba ka wajen mita 330. In ka saka fayil ɗinka a Cura ko PrusaSlicer ka yanka shi, wato ka raba shi layi-layi yadda inji zai buga, manhajar za ta nuna maka giram nawa zai ci da awa nawa zai ɗauka. Mu ɗauka, misali kawai, ka sayi naɗin a kan naira 25,000 har da kuɗin mota daga Legas. Giram ɗaya ya tashi naira 25 ke nan. Kowa ya sa farashin da ya saya, don na san wani zai ce shi ya samu ƙasa da haka. Allah ya ƙara maka arziki, ka faɗa mana wurin bayan an tashi.

Sai dai abin da manhaja ta faɗa ba shi ne duk abin da ke fita daga naɗin ba. Akwai wanda inji ke zubarwa kafin ya fara, akwai wanda kake yankewa lokacin canza kala, akwai guntun ƙarshen naɗi da ba ya isa komai. Ni nakan ƙara kashi 10 cikin ɗari. Kuma ku sayi ɗan sikelin kicin, don Allah. In naɗi ya ƙare, ku auna robar da aka naɗe zaren a kanta, ku rubuta nauyinta. Daga ranar, duk naɗin wannan kamfani da aka fara ci, awo ɗaya zai gaya maka ko ragowar za ta kai aikin da ke gabanka.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe: mazaunin waya, irin wanda ake ajiyewa a kan teburin ofis. Manhaja ta ce giram 60, awa 4 da rabi. Da ƙarin kashi 10 ya zama giram 66, wato naira 1,650. Ku riƙe wannan.

Na biyu, kuma a nan ne zan daɗe, na faɗa muku tun yanzu. Akwai wata dabara da ke yawo tsakanin masu sana'ar nan: a auna giram, a ninka kuɗinsa sau uku, shi ke nan farashi. Giram 60 sau naira 25 sau uku, naira 4,500. Ka ga kamar an ci riba, ko ba haka ba? Jarin 1,500, an sayar 4,500. To wannan lissafin mai Keke Napep ne da ke ƙirga kuɗin fetur kaɗai da yamma, ya manta da taya da baƙin mai da balas ɗin mai keke. Ranar da injin ya buga ne zai san bai tara komai ba.

Abin da kake sayarwa awa ce, awar injinka. Zan maimaita, awar injinka kake sayarwa, zaren rakiya ya yi. Inji ɗaya awa 24 gare shi a yini, kuma duk aikin da ya hau kansa ya hana wani hawa. Saboda haka dole ka san nawa awa ɗaya take ci maka.

Yaya ake fitar da ita? Mu ce injin ya zo maka a kan naira 400,000, ka kuma yanke wa kanka cewa kana so ya dawo da kuɗinsa cikin awa 4,000 na aiki. Naira 100 ke nan a kowace awa. Sannan akwai kayan da ke cinyewa: nozul ɗin tagulla, wato bakin da narkakken zare ke fitowa, yana buɗewa, bututun da zare ke bi yana ƙonewa a baki, bel yana saki, shimfiɗar farantin da ake buga kaya a kansa tana ƙwarzanewa. Sa musu naira 50 a awa. Wuta kuwa, to ga shi na shiga na uku ban gama na biyu ba, ba komai, tafiyarsu ɗaya. Inji irin Ender 3, in faranti ya riga ya yi zafi yana buga PLA, abin da yake ja bai wuce wat 100 da ɗoriya ba. Ko kana kan layin Band A, wanda tun Afrilun 2024 yunit ɗinsa ya haura naira 200, awa ɗaya ba za ta wuce naira 30 ba. Kun ga wutar gwamnati ba ita ce matsala ba. Rashinta ne matsala. In ka tayar da janareta saboda wannan inji kaɗai, ya sha rabin lita a awa, lita kuma ka saye ta naira 1,000, awarka ta koma naira 500 a mai kawai. Shi ya sa nake cewa inbata da batir sun fi, amma batir ma yana mutuwa, sai ka sa masa nasa kason, mu ce naira 70. Ku tara: 100, 50, 30, 70. Naira 250 a awa.

Yanzu ku dubi inda dabarar ninka uku ke yanka mutum. Wata baiwar Allah ta kawo maka ɗan ƙaramin adon da za a ɗora a kan kek ɗin biki, giram 12 kacal, amma tana so ya fito sumul, ba a ganin layi. Dole ka sauke `Layer Height` daga 0.2 zuwa 0.1 ko ƙasa da haka. Da ka raba kaurin layi biyu, yawan layukan ya ninka, lokaci ma kusan ya ninka, nauyi kuwa yana nan inda yake. Aikin ya ci awa 5. Ninka uku ya ce ka karɓi naira 900, alhali awar inji kaɗai ta ci 1,250, ba a zo maganar zare ba, ba a zo maganar zaman da za ka yi kana ɓanɓare madogaran da aka buga a ƙarƙashinsa da ɗan filaya ba. Kai ne ka biya ta don ta ba ka aiki! Kuna dariya, amma rabin ɗakin nan haka kuke yi, ina ganin farashinku a waya.

Kuma lokacin da manhaja ke nunawa ma a bi shi da hankali. Ba ta ƙirga dumama faranti da daidaita shi, kuma in saitin saurin tashi da tsayawa da ke cikinta bai yi daidai da na injinka ba, sai ta faɗi ƙasa da gaskiya, musamman a tsofaffin injina da kaya masu lanƙwasa da yawa. Maganin wannan shi ne ka riƙe littafi. Duk aikin da ka buga, rubuta abin da ta ce da abin da agogo ya nuna. Bayan ayyuka goma ka raba wannan da wancan, ka samu lambar injinka. A misalinmu awa 4 da rabi ta zama 5, wato naira 1,250.

Wani abu kafin in manta, tunda a Jos muke. Lokacin hunturu, in ka bar taga a buɗe da dare, sanyin nan namu yana sa gefen kaya ya ɗago daga faranti. Da damina kuma zare yana shan danshi: za ka ji yana ƙas-ƙas a bakin nozul, kayan ya fito da gashi-gashi kamar yanar gizo. Ga ɗaukewar wuta. Wasu injina suna ci gaba daga inda suka tsaya, amma in faranti ya huce kayan na iya saki, in ma bai saki ba sau da yawa akan ga tabo a wurin. Duk wannan kuɗi ne, kuma kayan da suka fito lafiya su ne za su biya na waɗanda suka lalace. In littafinka ya nuna ɗaya cikin goma na lalacewa, ka raba kuɗin zare da na inji da 0.9. Namu 1,650 da 1,250 sun ba da 2,900, in an raba ya kama wajen 3,200.

Saura hannunka. Shirya fayil, cirewa, gogewa, magana da mai kaya, rabin awa. In ka yi wa awarka kuɗi naira 2,000, ga 1,000. Leda da kwali 200. Jimla 4,400. Kun tuna ninka uku ya ce 4,500? Ribar naira 100 ke nan, ko kuɗin keke zuwa Taminus ba za ta biya ba. Riba kuma, da sauri don an ɗago mini agogo: in ka ɗora kashi 30 a kan 4,400 za ka samu 5,720, ka ce 6,000, ka bar wa ciniki ɗan wuri, don mutuminmu ba ya saye sai ya taya.

Na'am, Hajiya, akwai tambaya?

Wata daga cikin mahalarta: Malam, ni an ba ni aikin maƙalin makulli guda 100 na rabon biki. Mai aikin ta ce tunda da yawa ne sai na rage mata rabi. In rage?

Yawwa, Hajiya, wannan tambayar ta fi abin da na shirya rufewa da shi. Ki duba me ke raguwa in kaya sun yi yawa. Zare ba ya raguwa, guda 100 zaren guda 100 za su ci. Awar inji tana raguwa kaɗan ne kawai, domin dumama sau ɗaya za ki yi wa faranti mai ɗauke da 25 maimakon sau 25. Abin da ke faɗuwa sosai shi ne aikin hannu: fayil ɗaya, ciniki ɗaya, kai kaya sau ɗaya. To daga nan kaɗai ragi zai fito, kuma da wuya ya kai rabi. Ki jera 25 ɗin a manhaja ki yanka, ki ɗauki giram da awa na farantin gaba ɗaya ki ninka huɗu, kada ki yi lissafi da guda ɗaya.

Sannan cika faranti yana da nasa haɗari. In guda ɗaya ya saki a tsakiyar aiki, nozul zai iya jan sa ya bi ta kan sauran, ki wayi gari da tulin zare. In ba ki amince da wutarki ba, gara 12 sau takwas da ɗan ƙari a kan 25 sau huɗu. Sunan amarya da ango za a rubuta a jiki?

Mai tambaya: E, har da ranar biki.

To kin ga ba wanda za ki sayar wa in ta fasa. Ki karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin zare da zoben ƙarfen da za ki saya, ki buga guda ɗaya ki tura mata hoto ta duba rubutun sunayen da idonta, ta amsa miki a rubuce. In kowane maƙali da sunan baƙo daban ne kuwa, wannan fayil 100 ne, babu ragi ko na sisi, sai ma ƙari. Ɗan'uwa mai jar hula, na ga hannunka, amma an kira salla, ka same ni a waje da fayil ɗin naka mu yanka shi tare.