Darasin Kasuwa: Yadda Ake Yi da Fankokin Caji da Aka Dawo da Su Shago

Assalamu alaikum masu sauraronmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, da 'yan kasuwar Adum da Kejetia da ke jinmu daga shagunansu a nan Kumasi. Darasinmu na yau ya shafi kayan da suka bar shago da sunan an sayar, sannan suka juyo suka dawo. Kowane ɗan kasuwa ya ƙware a hanyar fitar da kaya, daga tashar ruwa ta Tema zuwa sito, daga sito zuwa hannun mai saye, amma hanyar dawowa kaɗan ne suka tanadar mata tsari. Zan ɗauki kaya iri ɗaya in bi shi har ƙarshe, wato fanka mai caji, wadda kasuwarta ke buɗewa duk lokacin da zafi ya haɗu da ɗauke wutar da muke kira dumso.

Mu ƙaddara mai sayar da sari a Adum ya raba fankoki ga ƙananan shaguna, kuma cikin wata biyu guda 40 suka dawo masa. Mu ƙaddara kowace ɗaya ta tsaya masa a kan sidi 300, yana sayarwa 380. Waɗannan kuɗaɗe na misali ne, kowa ya sa farashin da ke hannunsa a gurbinsu.

Aikin yana farawa ne tun a bakin ƙofa, kafin wanda ya kawo kayan ya juya baya. A duba rasit, a gwada lambar da ke jikin fankar da wadda ke rubuce a littafin shago, domin yakan faru a dawo maka da tsohuwar fanka da ba kai ka sayar ba a cikin sabon kwalinka. Sannan a manna takarda a jikin fankar kanta, a rubuta ranar da ta dawo, da shagon da ya dawo da ita, da kuma ƙorafin mai saye yadda ya faɗe shi da bakinsa. Kalmar "ta lalace" ba ta gaya wa mai gyara komai. Amma idan aka rubuta cewa tana aiki idan an jona ta da wuta, tana mutuwa minti goma bayan an cire, to an riga an yi masa rabin aikin, domin wannan magana batir take nunawa. A kuma ƙirga abin da ya zo tare da ita, wayar caji da rimot idan tana da shi, tunda fankar da ta dawo babu waya ta riga ta rage daraja.

Daga nan sai a ware wa kayan da suka dawo kusurwarsu daban a cikin sito, nesa da sababbi. Na taɓa gani da idona a wani shago inda yaron shago ya ɗauko kwali daga tarin da aka haɗa, ya miƙa wa wata Hajiya fankar da wani ya dawo da ita makon da ya wuce, har da takardar ƙorafin a manne a gindinta. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓi kuɗinta ta tafi, kuma ba ta sake taka shagon ba.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe a kansa, domin a nan ne mafi yawan asara take. Yawancin waɗannan fankoki suna ɗauke da batir na darma da aka rufe ruf, wanda za ka ga an rubuta 6V 4.5Ah a jikinsa, ko 12V a manyan. Irin wannan batir yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a amfani da shi, kuma zafi yana ƙara masa saurin zubarwa. Idan ya zauna babu caji na tsawon watanni, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan darmar da ke cikinsa, daga nan kuma ko kwana nawa ka yi kana cajinsa ba zai sake riƙe wuta kamar da ba. Ma'anar wannan ita ce fankar da ta dawo da ƙaramar matsala a watan Maris, idan aka jefa ta a ƙuryar sito mai rufin kwano har watan Agusta, za a buɗe ta a tarar da matsala biyu. Saboda haka ka'idar da nake ba ɗalibaina ita ce kada fankar da ta dawo ta wuce mako ɗaya ba a gwada ta ba, kuma duk wadda za ta jira a riƙa cajinta aƙalla sau ɗaya cikin wata uku.

Gwajin kansa ba ya buƙatar wani babban kayan aiki in ban da mitar gwada wuta da sukudireba. A caja fankar ta cika, a cire ta daga wuta, a bar ta ta huta na wasu awanni, sannan a juya mitar zuwa DC 20V a ɗora tsinkenta biyu a kan kawunan batirin. Lafiyayyen batir mai 6V zai nuna wajen 6.3 ko 6.4. Idan ya tsaya a kusa da 4.2, to ɗaya daga cikin ɗakuna uku da ke cikinsa ya mutu, tunda kowane ɗaki yana ba da wajen 2.1, kuma babu gyaran da za a yi masa. Sai dai akwai batir mai yaudara, wanda zai nuna 6.3 yana zaune, amma da zarar ka kunna fankar sai ka ga lambar tana gangarowa ƙasa da 5.5 cikin 'yan mintuna. Shi ya sa ba a yanke hukunci sai an gwada shi fanka tana juyawa. Wanda kuwa ya kumbura, ko ya tsage, ko kawunansa suka yi farin ƙura, ba ya buƙatar mita.

To, mu koma kan fankokinmu 40. Mu ce bayan gwaji an samu 9 lafiyarsu lau, masu saye ne ba su yi musu cajin farko ba ko kuma ra'ayinsu ne ya sauya. An samu 17 da batirinsu ya mutu, 6 da matsalar ke ga wayar caji ko makunni ko allon wutar da ke ciki, 5 da fukafukansu ko ragarsu suka karye a mota, sannan 3 da injinsu ya ƙone, wanda ake ganewa da ƙaurin ƙuna da kuma yadda sandar juyawa ta cije. Kun ga tarin da mai shago yake kallo a matsayin asara guda ɗaya ya rabu gida biyar, kuma kowane gida hanyarsa daban.

Kafin a sa sukudireba a jikin kowace, a fara tambayar ko wanda ya sayar maka da kayan ya ba da garanti, domin da yawa ba sa karɓar abin da aka riga aka buɗe. Batir 17 da suka mutu daga kaya zubi ɗaya hujja ce mai ƙarfi cewa kayan sun daɗe a ajiye kafin su iso hannunka, kuma takardun da aka manna tun a bakin ƙofa su ne za ka shimfiɗa a gabansa ka nemi ragi ko musanya.

Idan babu wannan hanya, sai lissafin gyara. Mu ce sabon batir sidi 70 ne, ladan mai gyara 20, kuma fankar da aka gyara za ta sayu a kan 260. Abin da zai rage a hannunka 170 ne a kowace ɗaya, wato sidi 2,890 a kan guda 17. Da ka tattara su ka ba mai sayen kondem a kan sidi 40 kowace, da 680 kawai za ka samu. Kuskuren da 'yan kasuwa ke yawan yi shi ne su ce ai 300 na saye ta, ba zan sayar ƙasa da haka ba. Wannan 300 ta riga ta fita, kuma abin da ya rage a auna shi ne wace hanya ce za ta fi dawo da kuɗi daga yau. Guda ukun nan masu ƙonannen inji ba a kashe musu ko kwabo, sai a kwance fukafukansu da ragarsu a gyara uku daga cikin biyar ɗin da suka karye, allunan wutarsu kuma a gwada su a kan shidan can.

Wajen sake sayarwa, wadda aka gyara a ce an gyara. A rubuta a rasit abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi, a ba da garanti ko na wata ɗaya ne, kuma kafin ta fita a bar ta ta juya a kan batir tun daga cika har ya ƙare, a rubuta awa nawa ta yi. Hatta taran nan masu lafiya, idan an buɗe kwalinsu an yi amfani da su, a rage musu wani abu a gaya wa mai saye dalili. Ɓoye aibin kaya haramun ne a addini, kuma a kasuwa ma fankar ce za ta sake dawowa karo na biyu, wannan karon tare da rigima.

Saura matattun batura 17. Darma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana, ruwan da ke cikin batirin kuma asid ne mai cin fata, don haka ba a fasa shi, ba a jefa shi a kwata ko a bola, ba a kuma bar wa yara su yi wasa da shi. A tara su a tsaye cikin robar da ba ta yoyo, a inuwa, a naɗe kawunansu da salatif domin kada su haɗu su yi tartsatsi. Idan a cikin sababbin samfura ka tarar da batirin litiyom, masu siffar 'yar gwangwani da aka fi sani da lambar 18650, a ware su daban, domin su wuta suke kamawa idan aka huda su ko aka matse su. Ghana ta yi doka a kan sharar da ke da haɗari da ta kayan lantarki a shekarar 2016, wadda aka kira Doka ta 917, aka kuma ɗora wa hukumar kare muhalli lura da ita. Darmar tana da masu saye, kuma duk wanda ya san Dagomba Line, matattarar masu sayen tsoffin ƙarafa a nan Kumasi, ya san ba a rasa mai karɓa. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne ina batirin zai ƙare, a masana'antar narkarwa mai lasisi ko a bayan gidan wani inda za a fasa shi da adda a zubar da ruwansa a ƙasa. Haka nan wayoyin jan ƙarfen da ke cikin ƙonannen inji, a sayar da injin yadda yake ko a feɗe wayar da hannu, kada a ƙona robar, irin hayaƙin da ya sa sunan Agbogbloshie na Accra ya zaga duniya kafin a rushe wurin a 2021.

Duk wanda ya karɓi baturan ya rubuta maka takarda mai ɗauke da adadi da rana, ka haɗa ta da takardun ƙorafin nan 40 a fayil ɗaya. Ranar da za ka sake yin odar fankoki, ka buɗe wannan fayil tukuna, sannan ka nemi a buɗe maka kwali biyu ko uku daga cikin sabon zubin, ka ɗora mita a kan batirinsu kafin ka biya kuɗi.