Riba Biyu a Masana'anta Ɗaya: Ina Dubu 20 Ta Shiga?

Ga wata masana'anta mai ƙera kujeru. A shekara ɗaya ta ƙera 10,000, ta sayar da 8,000, ragowar 2,000 suna jibge a sito. Akanta na farko ya ce ribarta 120,000 ce, na biyu ya ce 100,000. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Saɓaninsu a kan abu ɗaya ne: wace shekara ce za ta ɗauki nauyin tsayayyun kuɗaɗen masana'anta.

Tsayayyun kuɗaɗe su ne irin hayar gini da albashin mai kula da ma'aikata, waɗanda ko an ƙera kujera ko ba a ƙera ba sai an biya. A misalinmu sun kai 100,000 a shekara. Akwai kuma kuɗin da ke hawa da sauka da yawan aiki, wato katako, ƙusa da ladan masu haɗawa, 20 a kan kowace kujera. Ana sayar da kowace kujera a kan 50. Kuɗin ofis da talla kuwa 40,000 ne, kuma duka akantocin biyu suna cire shi ɗungurungum, don haka ba shi da hannu a wannan saɓani.

Na farko yana bin tsarin abzofshin, inda ake raba tsayayyun kuɗaɗen a kan kowace kujerar da aka ƙera. Raba 100,000 gida 10,000, ka samu 10. Kujera ta tashi a 30 ke nan. An sayar da 8,000, ciniki ya kama 400,000. Cire kuɗin ƙera su, 240,000, sannan ka cire 40,000 na ofis, saura 120,000.

Na biyu yana bin tsarin bariyabul, inda kuɗin da ke hawa da sauka kawai ake ɗora wa kujera. A wajensa kuɗin ƙera kujera ɗaya 20 ne kawai, domin haya kuɗin shekara ce, ta tafi da shekararta. Daga 400,000 ya cire 160,000, saura 240,000. Sai ya cire 100,000 gaba ɗaya, ya cire 40,000, ya tashi da 100,000.

To, ina 20,000 ɗin ta shiga? Tana cikin sito. A tsarin abzofshin kowace kujerar da ba a sayar ba tana riƙe da 10 na tsayayyun kuɗaɗe, kuma ana rubuta ta a matsayin kadara, ba a cire ta daga ribar bana. Ma'ana, 80,000 kacal aka ɗora wa wannan shekara, ragowar tana jiran ranar da mai saye zai zo. Duba allo ka ga yadda ake daidaita su:

```
Ribar bariyabul                  100,000
+ ƙarin kaya a sito: 2,000 × 10   20,000
= Ribar abzofshin                120,000
```

Kula da kalmar ƙari. Inda ɗalibai ke yawan zamewa ke nan: sai su ninka duk abin da ke sito a ƙarshen shekara, su manta da kayan da aka shigo shekarar da su. Abin da ake nema shi ne tsayayyun kuɗaɗen da ke cikin kayan ƙarshe, a cire waɗanda ke cikin kayan farko. Mu mun fara da sito babu komai, shi ya sa lissafin ya zo da sauƙi.

A shekara ta biyu, a ce an ƙera 10,000, an sayar da 12,000, sito ya koma fayau. Abzofshin ya ba da 200,000, bariyabul ya ba da 220,000. Waccan 20,000 ta fito ta rage ribar abzofshin. Haɗa shekarun biyu, kowane tsari ya tashi a 320,000.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Da a shekarar farko manaja ya sa an ƙera 12,500, da rabon kowace kujera ya sauko zuwa 8, riba kuma ta haura 136,000, alhali ba a ƙara sayar da ko kujera ɗaya ba. Idan da riba ake auna garaɓasarsa, ka ga ƙofar da aka buɗe masa. Ribar bariyabul tana nan a 100,000, ba ta motsa ba. Alamar ganewa: riba na hawa, ciniki na tsaye, sito na cika, kuɗi a asusu na raguwa.

Duk da haka ba a watsi da abzofshin, domin ƙa'idar aikin akanta ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 2 ta wajabta sanya tsayayyun kuɗaɗen ƙira cikin ƙimar kayan sito a rahoton da ake fitar wa jama'a, a kuma raba su bisa yawan aikin da masana'anta ta saba yi. Amma ranar da za a auna aikin manaja, ni dai ribar bariyabul zan fara nema.